Yadda yatsun hannu ke sauƙaƙa koyar da lissafin tushe biyu a makarantun sakandare

Darasin tushen lambobi yana cikin manhajar lissafi ta makarantun sakandare a Nijeriya. Ɗalibi yakan fara haɗuwa da tushe biyu, wato bainari, tun a ƙaramar sakandare, sannan ya sake cin karo da darasin a faɗaɗe a ajin farko na babbar sakandare, kuma hukumomin WAEC da NECO suna kawo tambayoyi a kansa a jarrabawar kammalawa. Yadda aka fi koyar da shi sananne ne: malami ya ja layi a allo, ya yi ta raba lamba da biyu, ya jera ragowar a gefe, ya ce a karanta daga ƙasa zuwa sama. Ɗalibai su kwafe, su haddace. Bayan mako uku sai a ga rabin ajin suna karantawa daga sama zuwa ƙasa, domin babu wanda ya taɓa faɗa masu dalilin da ya sa ake farawa daga ƙasa.

Abin da ya ɓace a wannan koyarwa shi ne darajar gurbi, wato sanin cewa nauyin alƙalami ya dogara ne da wurin da ya zauna a cikin lamba. Yatsu biyar na hannu ɗaya sun isa su dawo da wannan sani, ba tare da makaranta ta sayi komai ba.

Kafin a kai ga yatsun, ya kamata a tsaya a kan lambar da ɗalibi ya riga ya sani. A rubuta 352 a allo, a tambayi ajin nawa 5 ɗin da ke tsakiya take wakilta. Wasu za su ce biyar, wasu hamsin, kuma gardamar da za ta biyo baya ita ce ƙofar darasin. Lambar tana nufin ɗari uku da goma biyar da ɗaiɗai biyu. Kowane gurbi ya ninka na damansa sau goma: 1, 10, 100, 1000. Kuma babu gurbin da ke ɗaukar abin da ya wuce 9, domin da zarar an kai goma sai a ɗaure su ƙunshi ɗaya a tura gurbi na gaba. Wannan adadin da ake ɗaurewa a kansa shi ake kira tushe. Idan aka ce tushe biyu, ana nufin a ɗaure da zarar an kai biyu, saboda haka gurabun za su zama 1, 2, 4, 8, 16, alƙaluman da za su rage kuwa 0 da 1 ne kaɗai.

Ɗalibai sukan ɗauka cewa goma ita ce ƙidayar da Allah Ya halitta, sauran kuma ƙirƙirar masu jarrabawa ce. Misalan gida suna kawar da wannan zato. Kafin a koma naira da kwabo a ranar 1 ga Janairun 1973, kwabo 12 ne sule ɗaya, sule 20 kuma fam ɗaya, kuma kakannin waɗannan ɗalibai sun yi ciniki da wannan lissafi a kasuwa ba tare da takarda ba. Ƙidayar Yarabanci ta ginu ne a kan ashirin-ashirin, inda arba'in take nufin ashirin biyu, sittin kuma ashirin uku. Agogon da ke bangon aji ma yana ɗaure daƙiƙa 60 ta zama minti ɗaya, gadon da aka ci daga mutanen Babila. Minti biyar a kan waɗannan misalai ya wadatar. Tsawaitawa takan mayar da darasin lissafi hira.

Saita hannun shi ne mataki na farko, kuma a nan ne malamai da yawa suke rikita ajinsu ba tare da sun lura ba. A rubuce, gurbin ɗaiɗai yana ƙarshen dama. Don haka dole yatsan da ke wakiltar 1 ya kasance a dama a idon mai kallo. Hanya mafi sauƙi ita ce kowane ɗalibi ya kifa tafin hannunsa na hagu a kan takarda, ya zagaye yatsun da biro. A haka babban yatsa zai faɗo a dama, ƙaramin yatsa a hagu. Sai ya rubuta nauyin kowanne a samansa: babban yatsa 1, manuniya 2, na tsakiya 4, na zobe 8, ƙaramin yatsa 16. Yatsan da aka miƙe yana nufin 1, wanda aka lanƙwashe yana nufin 0. Hannun dama ya rage a sake domin rubutu.

Shi ma malami ya ɗora hannunsa na hagu a jikin allo, bayan hannun na fuskantar aji, domin abin da ɗalibai ke gani a allo ya yi daidai da abin da ke kan teburinsu. Idan ya juyo ya fuskance su yana nuna bayan hannun dama, komai zai koma a birkice, 1 ta koma hagu, kuma shi da kansa ya dasa kuskuren da zai yi ta cirewa har ƙarshen zangon karatu. Akwai wani dalili kuma da ba na lissafi ba. Lamba 31 tana buƙatar a miƙe yatsu biyar duka, kuma duk wanda ya tashi a cikin Hausawa ya san abin da ware yatsu biyar a fuskar mutum yake nufi. Lamba 4 ita ma, da yake yatsan tsakiya ne shi kaɗai, takan jawo dariya a ajin matasa. Hannun da ke kife a kan takarda ba ya yi wa kowa daƙuwa. Yana kuma taimakon yatsan zobe, wanda mutane da yawa ba sa iya ɗaga shi shi kaɗai a iska.

Daga nan sai ƙidaya, kuma dokarta ɗaya ce. Domin ƙara ɗaya, a fara daga babban yatsa. Idan a lanƙwashe yake, a miƙe shi a tsaya. Idan a miƙe yake, a lanƙwashe shi a matsa zuwa na kusa da shi, a sake bin dokar a can. Dunƙulallen hannu sifili ne. Ɗaya, babban yatsa. Biyu, babban yatsa ya koma, manuniya ta miƙe. Uku, su biyun a miƙe. A huɗu ne ake ganin abin da ake nema: babban yatsa ya koma, manuniya ta koma, na tsakiya ya miƙe. Wannan shi ne daidai abin da ke faruwa idan aka ƙara ɗaya a kan 99 aka samu 100, sai dai a nan yana faruwa da wuri kuma a kai a kai. Zuwa lokacin da ajin ya ƙidaya daga 15 zuwa 16, inda yatsu huɗu za su koma lokaci guda ƙaramin yatsa ya miƙe shi kaɗai, ɗalibi ya ji ɗaukar lamba zuwa gurbi na gaba a cikin tsokar hannunsa.

Yana da kyau a bar ajin ya ƙidaya har 31 sau biyu ko uku, wani ɗalibi yana rubuta sifilai da ɗaiɗai a allo. A tambaye su abin da suka lura da shi. Galibi wani zai ce babban yatsa ba ya hutawa, yana canzawa a kowace ƙidaya, manuniya tana canzawa bayan biyu, na tsakiya bayan huɗu. Wani zai lura cewa duk lambar da ba ta rabuwa biyu daidai, wato mara, babban yatsa a miƙe yake. Wannan lura ta biyu za ta yi amfani nan gaba, don haka a rubuta ta a gefen allo a bar ta.

Juya lamba daga tushe biyu zuwa tushe goma ba ya buƙatar sabuwar doka bayan wannan. A ɗauki 10110₂. A ɗora alƙaluman a kan yatsu daga hagu zuwa dama: ƙaramin yatsa a miƙe, na zobe a lanƙwashe, na tsakiya a miƙe, manuniya a miƙe, babban yatsa a lanƙwashe. Sai a tara nauyin waɗanda ke miƙe: 16 da 4 da 2, jimla 22. A takardar jarrabawa ana rubuta shi haka:

10110₂ = (1 × 16) + (0 × 8) + (1 × 4) + (1 × 2) + (0 × 1) = 22

A nan ya kamata malami ya matsa a kan yadda ake furta lambar. Ba a cewa dubu goma da ɗari da goma, domin dubu da ɗari sunayen gurabun tushe goma ne. Ana cewa ɗaya, sifili, ɗaya, ɗaya, sifili, a tushe biyu. Wannan kamar ƙaramin abu ne, amma ɗalibin da ke kiran 10₂ goma zai daɗe bai yarda cewa biyu ce ba.

Komawa ta ɗaya ɓangaren, daga 22 zuwa tushe biyu, ana yin ta da yatsu kamar mai bayar da canji a shago, wanda ke fara miƙa babbar takardar kuɗi. Shin 16 za ta fita daga 22? Za ta fita, a miƙe ƙaramin yatsa, saura 6. Shin 8 za ta fita daga 6? Ba za ta fita ba, yatsan zobe ya zauna a lanƙwashe. Huɗu za ta fita, saura 2. Biyu za ta fita, saura sifili. Babban yatsa bai samu komai ba. A karanta hannun daga hagu: 10110. Amfanin hannu a nan shi ne yatsan da aka lanƙwashe yana nan a wurinsa ana ganinsa, ba ya ɓacewa. Ɗalibin da ke aiki a ka kawai yakan ce sha shida da huɗu da biyu, ya rubuta 111, ya manta da gurabun da babu komai a cikinsu, alhali 111₂ bakwai ce.

Yanzu ne lokacin kawo rabawa da biyu, hanyar da littattafai suka fi bi, wadda kuma ɗalibi zai buƙata idan lambar ta yi girma. Kafin a rubuta ta, a yi ta da jiki. A fito da ɗalibai 22 gaban aji, ko a zube murafun kwalba 22 a kan tebur idan wuri ya yi kaɗan. A ce su kama hannu bibbiyu. Za a samu rukuni 11, babu wanda ya rage shi kaɗai, don haka gurbin ɗaiɗai sifili ne. A ce rukunan su haɗu bibbiyu: za a samu rukuni 5 na mutum hurhuɗu, rukuni ɗaya na mutum biyu ya rasa abokin haɗi, don haka gurbin 2 ya samu ɗaya. A sake haɗawa: rukuni 2 na mutum takwas-takwas, rukuni ɗaya na mutum huɗu ya rage, gurbin 4 ya samu ɗaya. A sake: rukuni ɗaya na mutum 16, babu na takwas da ya rage, gurbin 8 sifili. Rukunin 16 ɗin ba shi da wanda zai haɗu da shi, shi ne ɗayan da ke gurbin 16. A allo aikin zai fito haka:

22 ÷ 2 = 11, saura 0
11 ÷ 2 = 5, saura 1
5 ÷ 2 = 2, saura 1
2 ÷ 2 = 1, saura 0
1 ÷ 2 = 0, saura 1

Idan ajin ya dubi waɗanda suka rage a tsaye, zai ga rukunin 16 da na 4 da na 2, wato yatsun nan uku da aka miƙe ɗazu. Amsar tambayar da ake ta haddacewa ta fito ke nan. Ragowar farko ita ce ta ɗaiɗai, ta babban yatsa, kuma wurin zamanta ƙarshen dama. Ragowar ƙarshe ita ce ta mafi girman rukuni, kuma da ita ake fara rubutu daga hagu. Karantawa daga ƙasa zuwa sama ba wata doka ba ce daban, farawa ne da babban gurbi kamar yadda ake yi a 352. Malamin da ya sa ɗalibai su rubuta 1, 2, 4, 8, 16 a gefen kowace ragowa daga sama zuwa ƙasa, ko da na mako ɗaya ne, zai ga kuskuren ya ragu.

Akwai tarko a zaɓen lambar misali. Wasu lambobi a tushe biyu iri ɗaya suke ko ta ina aka karanta su: 17 ita ce 10001, 21 ita ce 10101, 27 ita ce 11011, 45 kuma 101101. Ɗalibin da ke karantawa a juye zai ci waɗannan duka, malami ya ba shi maki, su biyun su tafi da zaton an fahimta. Shi ya sa 22 ta fi dacewa da misalin farko: wanda ya juya ta zai samu 01101, wato 13, kuma kuskuren ya bayyana nan take. Duk lambar da ke rabuwa biyu daidai tana da wannan amfani, domin tana ƙarewa da sifili alhali tana farawa da ɗaya.

Daga amsar da ɗalibi ya rubuta ana iya gane inda ya kauce, kuma wannan ya fi jan layi ja kawai. Wanda ya ba da 01101 a matsayin 22 ya juya karatu. Wanda ya ba da 0110 ko 110 ya tsaya da rabawa da ya ga 1, bai sauke ɗayan ƙarshe ba. Wanda aka ce ya juya 10110₂ ya samu 44 ya fara nauyin gurabu daga 2 ne, ya tsallake 1, shi ya sa amsarsa ta ninka gaskiya sau biyu cif. Wanda kuma ya samu 20 ya ɗauka gurabun 2, 4, 6, 8, 10 suke tafiya, ya tara 10 da 6 da 4 ko makamancin haka ya kauce, wato ya rikita ninkawa da ƙarawa. Idan kuwa alƙalamin 2 ya bayyana a cikin amsar tushe biyu, ɗalibin bai kama ma'anar tushe ba tukuna, kuma komawa ƙidaya da yatsu zai fi masa amfani da ƙarin aikin gida.

Gwaje-gwaje biyu masu sauri suna ba ɗalibi damar kama kansa a ɗakin jarrabawa. Na farko shi ne lurar da aka bari a gefen allo: lamba mara tana ƙarewa da 1, wadda ke rabuwa biyu daidai tana ƙarewa da 0. Na biyu shi ne tsawon amsa. Duk lambar da ke tsakanin 8 da 15 alƙaluma huɗu gare ta, tsakanin 16 da 31 biyar, tsakanin 32 da 63 shida. Wanda ya juya 22 ya samu alƙaluma huɗu ya san ya yar da wani abu a hanya.

Hannu ɗaya yana ƙarewa a 31, jimlar 16 da 8 da 4 da 2 da 1. Domin lamba kamar 50 ana buƙatar gurbi na shida mai nauyin 32, kuma za a iya ajiye murfin biro a hagun ƙaramin yatsa ya tsaya a madadinsa. Talatin da biyu ta fita daga 50, saura 18. 16 ta fita, saura 2. 8 da 4 ba su fita ba. 2 ta fita. 1 ba ta samu komai ba. Amsa 110010₂, kuma rabawa da biyu za ta ba da ragowa 0, 1, 0, 0, 1, 1 daga sama, wanda ya yi daidai idan aka karanto daga ƙasa. Da hannu biyu ana kaiwa 1023. Sai dai a nan dole a juya tafukan su kalli sama, babban yatsan dama ya zama 1, ƙaramin yatsan dama 16, ƙaramin yatsan hagu 32, a ci gaba har babban yatsan hagu mai nauyin 512. Nuna wannan sau ɗaya yana burge aji, amma ba hanyar aiki ba ce. Bayan gurbi shida ko bakwai, takarda ta fi yatsu sauri da aminci.

Haɗa lambobi ma yana bin dokar ƙidayar nan. Idan aka haɗa 1011₂ da 110₂, gurbin ɗaiɗai ya ba da 1. Gurbin 2 yana da ɗaya da ɗaya, wato biyu, a rubuta 0 a ɗauki ɗaya. Gurbin 4 yana da sifili da ɗaya da wanda aka ɗauko, a sake rubuta 0 a ɗauki ɗaya. Haka gurbin 8. Amsa 10001₂, kuma yatsu za su tabbatar: 11 da 6 sun ba da 17, ƙaramin yatsa da babban yatsa.

Iyakar wannan hanya tana buƙatar a faɗe ta ƙarara. Yatsa hali biyu gare shi, ko a miƙe ko a lanƙwashe, don haka yatsa ɗaya gurbi ɗaya yana aiki ne a tushe biyu kaɗai. Wannan ne ma dalilin da ya sa tsarin ya dace da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda ƙananan makunnanta ko dai a kunne suke ko a kashe, ko da yake Gottfried Leibniz ya wallafa bayanin lissafin tun a 1703, ƙarni biyu da ɗoriya kafin a ƙera irin waɗannan na'urori. A tushe biyar kuwa kowane gurbi yana ɗaukar 0 zuwa 4, kuma yatsa ɗaya ba zai iya nuna wannan ba. Mafita ita ce a mayar da kowane ɗalibi gurbi. Mutum uku su tsaya a jere: na dama yana riƙe da ɗaiɗai, na tsakiya biyar-biyar, na hagu 25. Kowannensu yana ƙidaya da yatsu huɗu, kuma idan ƙidaya ta kai ga na biyar sai ya dunƙule hannu, na kusa da shi ya ɗaga yatsa ɗaya. Domin 38, na hagu zai nuna 1, saura 13; na tsakiya 2, saura 3; na dama 3. Amsa 123₅. Yatsu ba sa taimakawa sosai a ɓangaren lambobin da ke bayan ɗigo, inda nauyin gurabu ke komawa rabi da kwata, kuma gara a bar wannan sai darajar gurbi ta zauna.

Tushe takwas yana da gajeriyar hanya da ke fita kai tsaye daga aikin da aka riga aka yi. Yatsu uku na farko, 1 da 2 da 4, suna nuna komai daga sifili zuwa bakwai, kuma waɗannan su ne alƙaluman tushe takwas. Saboda haka ana yanka lambar tushe biyu uku-uku daga dama, a karanta kowane yanki a kan yatsun nan uku. Lambar 110010₂ ta zama 110 da 010, wato 6 da 2, amsa 62₈, kuma takwas sau shida da biyu ta dawo 50. Yankan dole ya fara daga dama. Wanda ya yanka 10110₂ daga hagu zai samu 101 da 10 ya rubuta 52₈, wato 42, alhali yankan daidai 10 ne da 110, wanda ke ba da 26₈, takwas biyu da shida, 22 ɗin da aka fara da ita.